Gane Harin Ambaliyar Saƙonni a kan Sabar Wasan Minecraft da Matakan Rage Ɓarnarsa

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda mai kula da ƙaramar sabar Minecraft zai bambance harin ambaliya da nauyin wasa na yau da kullum. Hujjarta ita ce, sai an gano inda saƙonnin suka cunkushe kafin a zaɓi magani.

Gabatarwa

Harin ambaliya shi ne a yi ta antayo wa saba saƙonnin banza har ta kasa sauraron 'yan wasa na gaskiya. Manhajar Mirai, wadda ta mamaye kyamarori da na'urorin intanet na gidaje a 2016 domin kai irin wannan hari, ta samo asali ne daga gasar neman kasuwa a harkar sabobin Minecraft, kuma matasa uku da suka ƙirƙire ta sun amsa laifinsu a kotun Amurka a 2017.

Alamomi

Lafiyayyar saba tana juya duniyar wasan sau 20 a daƙiƙa. Idan umarnin `/tps` a sabar Paper ya nuna adadin ya faɗi, galibi nauyin daga cikin wasan yake. Idan kuwa yana nan a 20 amma 'yan wasa suna ta katsewa a lokaci guda, hankali ya koma kan layi.

Bugun Java yana karɓar haɗi ta mashigar TCP mai lamba 25565. A ambaliyar SYN, maharin yana buɗe haɗi bila adadin ba ya kammalawa, sabar kuma tana ajiye wa kowanne gurbi har guraben su ƙare. Ana ƙirga irin waɗannan a Linux da:

```
ss -n state syn-recv | wc -l
```

Saba mai 'yan wasa 30 da ta nuna ɗaruruwa tana cikin hari.

Rage Ɓarna

Matakin farko shi ne tabbatar da cewa wannan saitin a kunne yake:

```
sysctl -w net.ipv4.tcp_syncookies=1
```

Da shi, idan guraben suka cika, sabar ba ta ware wa sabon haɗi gurbi sai ya kammala. Toshe adireshi ɗaya-ɗaya bai cika amfani ba, domin yawancin adireshin na jabu ne.

Ambaliyar UDP kuwa sha'aninta daban ne. Saƙonnin sukan fito daga mashiga 53 ko 123 ko 11211, wato sabobin wasu aka yaudara suka yi amsa-kuwwa. Idan layin yana ɗaukar gigabit 1 aka turo masa 10, to ya toshe tun kafin katangar tsaron na'urar ta ga komai. A ganina nan ne masu kula suka fi ɓata lokaci. Mafita tana hannun kamfanin da ya ba da hayar sabar, shi zai tace saƙonnin daga sama, ko kuma a sa saba mai shiga tsakani ta riƙa karɓar haɗin. Bayan haka wajibi ne a canza adireshin IP, tunda maharin ya riga ya san tsohon, sannan a umarci katangar ta karɓi haɗi daga mai shiga tsakanin kaɗai.