Hunainu ɗan Is'haƙu da Ƙa'idar Tantance Nassi a Fassarar Zamanin Abbasawa

Gabatarwa

An saba jingina fassarar ilimin Yunanawa zuwa Larabci ga Halifa Ma'amun (198–218 H / 813–833 M) da Baitul Hikima. Amma aikin ya faro tun zamanin Halifa Mansur, wanda ya gina Bagadaza a shekara ta 145 H (762 M), ya kuma ci gaba kimanin ƙarni biyu. Dukiyar halifofi da fadawansu ita ta ɗauki nauyinsa. Ibnun Nadim ya ruwaito a Fihirisa cewa 'ya'yan Musa ɗan Shakir, waɗanda suka tashi a fadar Ma'amun, suna biyan wasu mafassara kimanin dinari 500 duk wata. Sai dai dukiya kaɗai ba ta samar da fassara ingantacciya. Abin da ya samar da ita shi ne ƙa'idar aiki, kuma ba inda ƙa'idar ta fito fili kamar a hannun Hunainu ɗan Is'haƙu.

Hunainu da Wasiƙarsa

Hunainu Banasare ne daga Hira ta ƙasar Iraƙi. Ya ƙware a Larabci da Suryaniyanci da Yunananci, ya zama likitan Halifa Mutawakkil, ya rasu a shekara ta 260 H (873 M). Ya bar wata wasiƙa da ya rubuta wa Aliyu ɗan Yahaya Munajjim, inda ya lissafa littattafai 129 na Jalinusu, babban likitan Yunanawa. Ya kan ambaci wanda ya fassara littafin, da wanda aka fassara dominsa, da matsayin ingancin fassarar, har da tasa ta kansa.

Misali Daga Aikinsa

Littafin Jalinusu a kan ƙungiyoyin likitoci ya isa misali. Hunainu ya fara fassara shi zuwa Suryaniyanci yana ɗan kimanin shekara 20, domin wani likita na Jundisabur, daga kwafin Yunananci mai yawan giɓi. Da ya kai kimanin shekara 40, almajirinsa Hubaishu ya roƙe shi ya gyara fassarar. A lokacin ya riga ya tara kwafe-kwafen Yunananci da dama. Sai ya gwama su da juna har ya fitar da nassi guda sahihi, sannan ya auna tsohuwar fassararsa da wannan nassi, ya gyara ta. Bayan wasu shekaru ya mayar da littafin zuwa Larabci domin Muhammadu ɗan Musa.

Dalilin wannan ɗawainiya a bayyane yake. Marubutan hannu kan tsallake layi ko su sauya kalma, kuma mai kwafi ɗaya tak ba shi da hanyar gane kuskuren. Saɓanin da ke tsakanin kwafi biyu shi ke nuna inda ɓarnar take. A littafin magani kuwa, kuskuren kalma guda na iya komawa kan majinyaci.

Ta fuskar harshe, Safadi (ya rasu 764 H / 1363 M) ya bambanta hanyoyi biyu. Ta farko ita ce sanya kalmar Larabci a gurbin kowace kalmar Yunananci, wadda ke haifar da jimla mai duhu, domin ginin harsunan biyu ba ɗaya ba ne. Ta biyu, wadda ya danganta ga Hunainu, ita ce fahimtar jimlar baki ɗaya, sannan a faɗi ma'anarta da Larabci miƙaƙƙe.

Iyakar Ƙa'idar

Ƙa'idar ba ta aiki inda kwafi ya yi ƙaranci. Hunainu ya nemi littafin Jalinusu a kan hujjar hankali, wato Kitabul Burhan, a Jazira da Sham da Falasɗinu da Masar har Iskandariyya. Bai samu ba sai kimanin rabinsa a Dimashƙa, shi ma a warwatse. Ya fassara abin da ya samu, ya kuma bayyana cewa bai cika ba.

Kammalawa

Wannan aiki ya haifar da sakamako biyu. Na farko shi ne adanawa: sashen ƙarshe na littafin Jalinusu a kan fiɗar jiki ya ɓace a Yunananci, bai tsira ba sai a fassarar Larabci ta makarantar Hunainu. Na biyu shi ne suka ta ilimi. Abubakar Razi (ya rasu 313 H / 925 M) ya wallafa littafin shakku a kan Jalinusu, ya soki ra'ayoyinsa da dama, ciki har da na Kitabul Burhan. Irin wannan suka ba ta yiwuwa sai mai karatu ya natsu cewa maganar da ke gabansa ta marubucin ce, ba kuskuren mafassari ba. Tantance nassin da Hunainu ya yi shi ya ba malaman Musulmi damar karɓar abin da hujja ta tabbatar, su kuma mayar da abin da ta rushe.