Matakin da Ke Ɓacewa: Nazarin Sake Rubuta Umarnin Girka Manhajar Python

A littafinsa The Nurnberg Funnel na 1990, John Carroll ya nuna cewa masu koyon kwamfuta ba sa bin dogon umarni daki-daki, tsallake suke yi su kama aiki. Gaskiya ya faɗa. Sai dai wasu marubuta sun mai da wannan hujjar cusa matakai da yawa cikin jimla ɗaya da sunan taƙaitawa, kuma da su wannan maƙala take jayayya. Ƙa'idar ASD-STE100, wadda ta samo asali daga littattafan gyaran jiragen sama, ta fi dacewa a nan: umarni ɗaya a jimla ɗaya, kalmomi kada su wuce 20.

Nazarin ya ɗauki irin jimlar da ta cika fayilolin README, wadda ke cewa a ƙirƙiri `venv`, a kunna shi, a girka abubuwan da ake buƙata. Ya warware ta don mai amfani da Windows, kowane mataki ya fara da aikatau na umarni:

1. Ƙirƙiri keɓaɓɓiyar folda da za ta riƙe kayan wannan aikin kaɗai.
2. Kunna ta, har `(.venv)` ya bayyana a farkon layin umarni.
3. Girka kayan da aka jera a `requirements.txt`.

```
python -m venv .venv
.venv\Scripts\activate
pip install -r requirements.txt
```

Babban abin da aka gano yana mataki na biyu. Tsohuwar jimlar ba ta faɗi abin da kunnawa ke yi ba, alhali aikinta shi ne sa foldar `.venv\Scripts` a gaban jerin `PATH`, wato wuraren da kwamfuta ke dubawa idan an kira wani shiri. Wanda ya tsallake matakin ba zai ga wani gargaɗi ba. `pip` zai yi aikinsa lafiya lau, ya zuba kayan cikin Python na kwamfutar gaba ɗaya. Sai daga baya, ran da ya kunna foldar, manhajar ta tsaya da `ModuleNotFoundError`, shi kuwa yana rantsuwa ya girka komai. Abin takaici, kunnawar ma ba ta ɗorewa: da an rufe taga an buɗe sabuwa, sai an sake. Shi ya sa lambar mataki kaɗai ba ta wadatarwa. Dole matakin ya zo da alamar da mai karatu zai gani da idonsa kafin ya wuce, kuma `(.venv)` ita ce wannan alamar.

Nazarin yana da iyaka. Rubutu aka tantance, ba a gwada shi kan masu karatu ba, kuma a PowerShell tsarin tsaro kan hana `Activate.ps1` aiki, abin da ke buƙatar nasa matakin. Duk da haka hukuncin bai sauya ba: inda tsallake mataki ke lalata aiki ba tare da gargaɗi ba, wajibi ne a ba matakin lambarsa da alamar nasararsa.