Fayyace Muhimman Kalmomi a Kundin Bincike: Nazari a kan Kalmar "Matashi"

Tsakure

Wannan maƙala ta duba sashen ma'anar muhimman kalmomi da ke babi na ɗaya na kundin digiri. Ta yi amfani da kalmar "matashi" wajen nuna cewa aikin sashen shi ne shata iyakar bincike, abin da kwafo ƙamus ba ya yi.

Gabatarwa

Ɗalibai da dama kan buɗe ƙamusun Bargery na 1934, ko na Jami'ar Bayero na 2006, su kwafo ma'ana su wuce. Ƙamus kuwa yana tattara yadda jama'a ke amfani da kalma ne. Ba ya gaya wa mai bincike wanda zai yi hira da shi da wanda zai bari.

Kalma ɗaya, iyakoki mabambanta

A ɗauki ɗalibin da ke nazarin rashin aikin yi tsakanin matasan Fagge a Kano. Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa matashi tsakanin shekara 15 zuwa 24. Yarjejeniyar Matasan Afirka ta 2006 ta kai shi 35. Manufar matasa ta Nijeriya ta 2009 ta ce 18 zuwa 35, sannan ta 2019 ta mayar da shi 15 zuwa 29. A al'adar Bahaushe kuma, aure kan fitar da mutum daga sahun samari ya koma magidanci. Saboda haka tela ɗan shekara 32 mai mata da 'ya'ya matashi ne a ma'auni biyu, a sauran kuma ba matashi ba ne.

Yadda ake gina ma'anar

Da farko ɗalibi ya kawo waɗannan ma'anoni ya nuna inda suka saɓa. Sannan ya zaɓi ɗaya, ya faɗi dalilin da ya shafi tambayar bincikensa. Daga nan ya bayyana wanda ya shiga da wanda ya fita. Misali: a wannan bincike, matashi shi ne namiji ko mace daga shekara 15 zuwa 29, mai aure ko marar aure, saboda za a auna sakamakon da manufar 2019.

Yadda ake gane kuskure

A ba mataimaka biyu ma'anar, a kawo musu maganar telan nan. Idan ɗaya ya sa shi ɗaya ya cire shi, ma'anar ba ta tsaya ba. Haka nan idan jadawalin babi na huɗu ya ƙunshi 'yan shekara 30 zuwa 35, to an saɓa wa babi na ɗaya.

Kammalawa

Ma'anar da aka zaɓa tana aiki ne a cikin kundin kawai. Kafin a kwatanta alƙalumansa da na wani bincike, wajibi ne a tabbatar iyakar shekarunsu ɗaya ce.