Saukar Bugun Zuciya Bayan Barin Taba: Alamar Yankewar Nikotin ce ko Komawa Asali?

Tsakure

Maƙalar ta yi bitar binciken da aka wallafa kan yadda sigari da sigarin lantarki da barin su ke sauya yawan bugun zuciya. Ta gano cewa nikotin ne ke ɗaga bugun, ko ta wace hanya ya shiga jiki, kuma saukar da ake gani bayan barin taba tana ɗorewa, saɓanin sauran alamomin yankewa da ke zuwa su wuce. Ta kuma nuna cewa idan bugun ya tashi a makon farko, ya kamata a duba kafeyin da sauran dalilai kafin a ɗora laifin a kan rashin taba.

Gabatarwa

Zuciyar baligi mai lafiya tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti idan yana hutawa. Mai shan taba yakan kasance a cikin wannan iyaka, shi ya sa ba a cika lura da cewa bugunsa ya ɗara yadda ya kamata ba. Tambayar wannan nazari ita ce: idan ya daina, me ke faruwa da bugun, kuma yaya ma'aikacin lafiya zai fassara abin da ya ƙirga?

Hanyar Nazari

An dogara ga gwaje-gwajen da aka auna bugun zuciyar mutane kai tsaye, kafin shan taba da bayansa, ko kafin barinta da bayan haka. An ware tasirin nikotin daga na hayaƙi, domin kowannensu yana da nasa aikin.

Yadda Nikotin Ke Ɗaga Bugu

Karan sigari ɗaya yana shigar da nikotin kimanin miligiram 1 zuwa 1.5 cikin jini, kuma yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20. Yana zaburar da jijiyoyin da ke shirya jiki don faɗa ko gudu, sai su saki noradirenalin, ƙullutun da ke bisa ƙoda kuma ya saki adirenalin. Cryer da abokan aikinsa sun nuna haka a 1976: waɗannan sinadarai sun ƙaru a jinin masu zuƙar sigari tare da bugun zuciya da hawan jini, kuma da aka ba su maganin da ke toshe aikin sinadaran, tashin bai auku ba. A galibin gwaje-gwaje, kara ɗaya yana ƙara bugu 10 zuwa 20 a minti.

Karan farko na safe shi ya fi tasiri. Jiki yana kawar da rabin nikotin da ke jini cikin kamar awa biyu, don haka barcin dare yana rage shi sosai. Da rana kuwa jiki yakan saba, sai kowane sabon kara ya rage ƙarfi, amma bugun ba ya komawa ƙasa. Yana tsayawa a sama har dare, da ƙarin kimanin bugu 7 a minti idan aka ɗauki matsakaicin awa 24.

Sigarin Lantarki

Wannan na'ura ba ta ƙona ganye, saboda haka ba ta fitar da iskar kabon monokside da ke kama jini ta rage masa ɗaukar iskar shaƙa. Amma nikotin yana nan. A 2017 Moheimani da Middlekauff da sauransu, a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis, sun gwada mutane masu lafiya da ba sa shan taba ta hanyoyi uku: na'ura mai nikotin, na'ura marar nikotin, da na'urar da ba kome a ciki. Mai nikotin ce kaɗai ta karkatar da tafiyar bugun zuwa yanayin zabura. Saboda haka wanda ya koma sigarin lantarki mai nikotin mai ƙarfi ya rabu da hayaƙi, amma kada a sa ran bugunsa zai sauka kamar na wanda ya bar nikotin gaba ɗaya.

Bayan Barin Taba

Cikin kwanakin farko bugun yakan ragu da 5 zuwa 12 a minti. A Japan, Minami da abokan aikinsa sun auna maza masu shan taba na tsawon awa 24 a 1999, suka ga raguwar kimanin bugu 7 bayan mako guda da dainawa.

A nan masana suka sami saɓani. Kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na Amurka, DSM-IV na 1994, ya lissafa raguwar bugun zuciya cikin alamomin yankewar nikotin, amma DSM-5 na 2013 ya cire ta daga jerin. Abin da ke bambanta ta da sauran alamomin shi ne tafiyar lokaci. Alamar yankewa ta gaskiya, kamar saurin fushi da rashin barci da kasa tattara hankali, tana tsananta a kwana biyu zuwa uku, sannan ta lafa cikin mako biyu zuwa huɗu. Bugun zuciya kuwa idan ya sauka yakan zauna a nan. West da Schneider sun yi nuni da haka a 1988, Persico kuma ya bi masu dainawa har shekara guda a 1992 ya tarar raguwar ba ta gushe ba. Ke nan zuciya ta koma saurinta na asali ne bayan an cire abin da ke ingiza ta.

Misali Don Fassara

A ƙaddara direba mai shekara 40 da ke shan kara 20 a rana. Ana auna shi da yamma yana zaune, bayan hutun minti biyar, yatsu biyu a wuyan hannu har cikar minti ɗaya. Kafin ya daina an sami 84. A kwana na biyu an sami 75, wanda ya dace da abin da ake tsammani. A kwana na biyar kuwa ya dawo da 94, da faɗuwar gaba da rawar hannu.

Bayani uku ne za a bi. Na farko, ko ya koma shan taba a ɓoye. Na biyu, zazzaɓi ko ƙarancin jini ko rashin ruwa a jiki; zazzaɓi kaɗai yana ƙara kimanin bugu 10 a kowane digiri ɗaya na zafi. Na uku, kafeyin. Hayaƙin taba, ba nikotin ba, yana hanzarta wani sinadarin hanta mai suna CYP1A2 wanda ke narkar da kafeyin. Da an daina, aikinsa yana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin uku a 'yan kwanaki. Idan direban ya maye gurbin sigari da goro da shayi mai kauri da kofi, ya ƙara abin da yake sha daidai lokacin da hantarsa ta rage saurin fitar da shi. Rage waɗannan zuwa rabi da sake aunawa bayan kwana biyu ko uku zai raba gardama. CYP1A2 ne kuma ke narkar da tiyofilin, maganin asma, don haka mai shan sa yana bukatar likita ya sake duba adadinsa.

Iyakokin Awo

Bambancin bugu 7 ƙarami ne idan aka kwatanta da yadda bugu ke sauyawa da tafiya ko abinci ko zafin rana, don haka awo ɗaya ba ya tabbatar da kome. Sai an maimaita a lokaci ɗaya na rana, a zama iri ɗaya. Mai amfani da cingam ko mannin nikotin zai ga raguwa kaɗan kawai, mai shan maganin rage bugun zuciya kuwa ƙila ba zai ga sauyi ba.

Kammalawa

Abin da ake tsammani bayan barin nikotin shi ne sauka mai ɗorewa. Bugun da ya tsaya sama da 100 a hutu, ko ya faɗi ƙasa da 50 tare da jiri, ko ya riƙa tsallake, ko ya zo da ciwon ƙirji, ba a lissafa shi cikin wahalar barin taba. Yana bukatar gwajin zuciya a asibiti.