Maslahar Yaro a Shari'ar Riƙon 'Ya'ya: Nazari Daga Birnin Sakkwato

Dokoki biyu da ake yi wa kallon masu saɓani sun haɗu a kan tambaya guda idan aure ya mutu aka bar 'ya'ya, wato a hannun wa yaron zai fi samun kulawa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, wadda Najeriya ta amince da ita a 1991, ta sanya maslahar yaro cikin abubuwan da ake fara dubawa a kowane hukunci da ya shafe shi, kuma sashe na 1 na Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ya ɗauki wannan ƙa'ida, kafin Jihar Sakkwato ta samar da tata Dokar Kare Yara, wadda Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sa wa hannu a watan Nuwamba na 2021. Sai dai matar da aurenta ya mutu a unguwa irin Gidan Dahala, gaban alƙalin kotun shari'ar Musulunci take zuwa, inda ake hukunci da fiƙihun Malikiyya, daga can kuma a ɗaukaka ƙara har zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, wadda sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba hurumin duba al'amuran aure da waliccin ƙananan yara. Matsayin wannan maƙala shi ne cewa maslahar yaro ba baƙuwa ba ce a wannan kotu, domin a kanta aka gina babin reno gaba ɗaya, kuma yawancin cutar da yara ke sha tana zuwa ne daga karanta babin a matsayin jerin sunayen masu haƙƙi, ana tsallake sharuɗɗan da ke ƙarƙashin sunayen.

Abin da malamai ke kira halana shi ne riƙon yaro da kula da kwanansa da abincinsa da tufarsa da tsabtar jikinsa a shekarun da ba zai iya yi wa kansa ba. Ya bambanta da walicci, wanda ke nufin ikon uba a kan tarbiyya da karatu da dukiya da aurarwa. Risalar Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Halilu, littattafan da ake karantawa a zaurukan Sakkwato tun zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, sun bar wa uwa riƙon ɗa namiji har ya balaga, ita kuwa mace har a yi mata aure mijin ya tare da ita, wanda hakan ya sa wa'adin Malikiyya ya fi na sauran mazhabobi tsawo. Idan haƙƙin uwa ya faɗi, riƙon yana komawa ga kakar yaron ta wajen uwa, sannan 'yar'uwar uwar, sannan wasu mata na wannan ɓangare, sai kakar wajen uba, kafin a zo kan uban kansa. Imam Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya ɗauki ɗansa Asim a Ƙuba, kakar yaron ta wajen uwa ta ja da shi, Sayyidina Abubakar kuma ya umarce shi ya bar mata yaron.

Wannan jeri an tsara shi ne bisa rinjayen zato cewa tausayi da haƙurin ɗawainiyar ƙaramin yaro sun fi yawa a wajen waɗannan mata. Dalilin da ke tabbatar da haka shi ne, babu wanda sunansa kaɗai ke isar masa. Ana buƙatar mai riƙo ya kasance da hankali, da ƙarfin jikin da zai iya hidimar, da amana, da iya tattalin kuɗin da za a riƙa ba shi don yaron, kuma ba ya ɗauke da cuta mai cutar da yaron. Idan yarinya ce da ta fara tasawa, dole gidan ya kasance mai tsaro. Idan kuma namiji ne ke neman riƙon, sai ya nuna macen da za ta yi hidimar a gidansa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa tambaya ce game da halin da yaron zai shiga, ba game da darajar mai nema ba.

Al'ada kuwa ta bi wata hanya dabam. A ƙasar Hausa an saba cewa 'ya'ya na uba ne, don haka da zarar an yaye yaro sai dangin uba su aiko a ɗauke shi, a miƙa shi ga kishiyar uwarsa ko ga gwaggonsa, wani lokaci ma uwar da kanta take mayar da shi don gudun a kira shi agola a gidan da za ta shiga. Gaskiya ne nasaba ta uba ce, ciyarwa ma a kansa take, amma babu ɗaya daga cikin biyun da ke ba shi riƙo kafin matan da ke gabansa. Haɗa nasaba da riƙo shi ne kuskuren da ya fi yaɗuwa, kuma yana yin ɓarnarsa ne tun kafin magana ta kai kotu, a zauren mai unguwa ko a zaman sulhun dangi, inda ba kasafai ake tambayar inda yaron ya saba kwana ba.

Misali na ƙaddarawa zai nuna yadda sharuɗɗan ke aiki. A ƙaddara an saki wata mata, ta koma gidan iyayenta a Gidan Dahala da ɗa mai shekara goma da 'ya mai shekara shida, bayan shekara biyu ta auri wani wanda ba dangin yaran ba, ta tare da su a gidansa. Uban ya shigar da ƙara yana cewa ta yi aure, haƙƙinta ya faɗi, a ba shi 'ya'yansa. Rabin maganarsa daidai ne, domin auren bare da aka tare yana kayar da haƙƙin uwa, amma kafin alƙali ya yarda da hakan sai ya tambayi lokacin da wanda riƙon zai koma gare shi ya san da tarewar, saboda idan ya sani ya yi shiru har shekara guda ba tare da uzuri ba, riƙon ya tabbata a hannun uwa. Hikimar wannan wa'adi a fili take: yaran da suka shekara a gida guda sun saba da shi, sun shiga makarantar allo ko ta boko da ke kusa, kuma tumɓuke su bayan haka cutarwa ce da dokar ba ta son a yi don biyan buƙatar babba. Haka nan da a ce akwai jinjirin da ya ƙi karɓar nonon kowa sai na uwarsa, da aurenta bai raba su ba.

Idan shekara ba ta cika ba, ɗaya rabin maganar uban ne ke rushewa, domin kakar wajen uwa tana gabansa. A nan ne aikin alƙali na gaske yake farawa, kuma a nan ne ya fi sauƙin lalacewa. Alƙalin da ya duba jeri kawai zai ce kaka ta ɗauka, ya rufe zama. Wanda ya duba sharuɗɗa zai so ya san ko tsohuwar tana da ƙarfin da za ta yi wa yarinya wanka ta kai ta asibiti idan zazzaɓi ya kama ta da dare, da ko tana zaune a gida dabam da na uwar da haƙƙinta ya faɗi, kamar yadda Halilu ya sharɗanta, da kuma abin da take ci da shi. Idan shaidu daga maƙwabta suka tabbatar cewa jikokin da ke hannunta talla suke yini yi a tasha har bayan magariba, to sharaɗin tsaron wuri da na amana sun shiga shakka, kuma yana halatta a tsallake ta zuwa 'yar'uwar uwar ko kakar wajen uba. Amma wajibi ne a bambanta sakaci da talauci. Kakar da ke aika yarinya talla saboda uba ya daina aiko da hatsi ba ta rasa amana ba, uban ne ya bar wajibinsa, kuma maganin wannan shi ne a yanka masa ciyarwa gwargwadon samunsa, wadda ta haɗa abinci da sutura da rabon yaran na wurin kwana, a kuma tilasta masa biya. Ba shi yaran saboda ya fi kowa wadata daidai yake da saka masa a kan yunwar da shi ya jawo. Kotun Ƙoli ma, a shari'ar Williams da Williams ta 1987 da ta Odogwu da Odogwu ta 1992, waɗanda suka shafi auren rajista ƙarƙashin dokar shari'o'in aure ta 1970, ta tafi a kan cewa jin daɗin yaron ne ma'auni, riƙo kuma ba horo ba ne ga ɗaya ko lada ga ɗayan.

A ƙara ƙaddara cewa uban ya ce zai tashi da iyalinsa zuwa Kano. Malikiyya ta ba waliyyi damar tafiya da yaro idan ƙaura ce ta zama, ba fatauci ba, kuma nisan ya kai baridi shida, wato mil 72 a lissafin malamai, saboda haka komawa Bodinga ko Wamakko ba ta shiga ciki, Kano kuwa ta shiga. Duk da haka an ɗaure damar da rantsuwa cewa da gaske ƙaura yake nufi, ba dabarar raba yaro da mai riƙonsa ba, da kuma amincin hanya da na garin da za a je. A shekarun da matafiya ke fargabar hanyar Gusau saboda 'yan bindiga, wannan sharaɗi na ƙarshe ya zama abin da ya kamata alƙali ya nemi hujja a kansa.

Akwai wurin da ƙa'idar ta fi fuskantar barazana, wato hul'i, inda mace ke fansar kanta daga aure. Malikiyya ta halatta mace ta sarayar da riƙon 'ya'yanta a madadin saki, kuma macen da ta ƙosa ta fita, ba ta da kuɗin mayar da sadaki, tana iya amincewa da hakan cikin minti kaɗan. Masu sharhi sun ƙayyade halaccin da cewa kada yaron ya cutu, ko dai saboda shaƙuwarsa da uwarsa ko saboda wurin uban ba shi da tsaro, wanda ke nufin yarjejeniyar iyaye biyu ba ta ɗauke wa alƙali nauyin bincike ba.

Masu sukar ƙa'idar maslaha suna cewa ta faye faɗi, tana barin kowane alƙali ya hukunta da abin da ya ga dama, kuma sukar tana da tushe, domin abin da wani zai ɗauka gata ne, wani zai gan shi sangarta. A wannan fuska tsarin Malikiyya yana da abin da dokar zamani ba ta da shi, wato jeri sananne da ake farawa da shi, wanda ba a kauce masa sai da hujja. Rauninsa kuma yana wajen tattara hujjar, tunda shari'ar takan tsaya ne a kan bakin masu jayayya biyu da shaidun da kowannensu ya zaɓo, alhali yaron da ake magana a kansa ba ya cikin masu ƙara. Mazhabar Shafi'iyya tana ba yaron da ya yi wayo zaɓi tsakanin iyayensa, abin da Malikiyya ba ta ɗauka ba a mashahurin zancenta, amma babu abin da ya hana alƙali a Sakkwato ya ga ɗan shekara goma a keɓe ya saurare shi, ko ya nemi jami'in walwalar jama'a ya ziyarci gidajen biyu ya kawo rahoto, ko ya tambayi malamin makarantar yaron yawan ranakun da yake fashi. Waɗannan hanyoyi ne na tabbatar da amana da ƙarfin hidima da tsaron wuri, sharuɗɗan da littattafan da ke gaban alƙalin suka riga suka ɗora masa binciken su kafin ya miƙa yaro ga kowa.