Takardar wakilci ta haraji: yadda mazaunin waje zai ɗora ɗan'uwansa a kan harajin gidansa na Douala

A New Bell da sauran unguwannin Hausawa na Douala akwai gidaje da shaguna da yawa waɗanda masu su ke zaune a Libreville, Kano, Njamena ko Jidda. Haya tana shigowa, ƙane ko ɗan yaya yana karɓa, amma ranar da takarda ta fito daga ofishin haraji sai a tarar babu wanda ke da ikon sa hannu. A ofis zumunta ba hujja ba ce. Abin da ma'aikaci yake nema shi ne takardar wakilci, wadda ake kira procuration da Faransanci.

Abin da takardar take nufi a doka

A yankin Kamaru mai amfani da Faransanci, ciki har da Douala, dokar wakilci tana cikin kundin Code civil, daga sashe na 1984. Mutum yana ba wani iko ya yi abu da sunansa, kuma abin da wakilin ya yi cikin iyakar wannan iko yana hawa kan mai wakiltarwa. Saboda haka harajin bai koma kan ɗan'uwan ba. Idan wakili ya yi sakaci bai biya ba, bashin da tarar jinkiri suna kan mai gida, a ƙarƙashin lambarsa ta haraji.

Doka ta raba wakilci gida biyu: na gama-gari da na musamman. Sashe na 1988 ya ce wakilcin da aka rubuta da kalmomin gama-gari bai wuce kula da dukiya ba, kuma sayarwa ko jingina sai an ambace su ƙarara. Ga harkar haraji, na musamman ya fi tsaro, domin yana lissafa ayyukan ɗaya bayan ɗaya, ya kuma rufe ƙofar sauran.

Abin da za a rubuta a ciki

Ana rubuta takardar da Faransanci ko Turanci, harsunan hukuma na Kamaru. Wadda aka rubuta da Hausa ko Larabci sai an fassara ta. Ta fara da cikakken sunan mai gida kamar yadda yake a katin shaida ko fasfo, da ranar haihuwa, da lambar katin, da adireshinsa na waje. Sai lambar NIU, wadda babbar hukumar haraji ta ƙasa, DGI, take bai wa kowane mai biyan haraji. Wanda ba shi da ita yana iya nema ta shafin impots.cm. Bayan haka sai bayanan wakili, su ma daidai da katinsa.

Daga nan sai a fayyace dukiyar: unguwa, gundumar Douala ta 2 idan a New Bell take, da lambar takardar mallakar fili idan akwai. Gidaje da dama a New Bell ba su da wannan takarda, amma rashinta bai ɗauke harajin gida daga kan wanda yake riƙe da gidan ba. A irin wannan hali sai a kwatanta wurin sosai, da layi da wata alama sananniya.

Zuciyar takardar ita ce jerin ayyuka. A rubuta cewa wakili zai bayyana harajin gida da kuɗin haya, ya biya, ya karɓi rasit, ya karɓi wasiƙun ofis, ya kuma shigar da ƙorafi idan an ƙiyasta abin da ya wuce kima. A ƙara jimla ɗaya mai cewa takardar ba ta ba da ikon sayarwa, jingina ko kyautar da gidan ba. A ƙarshe a sa wa'adi, kamar shekara ɗaya, da wuri da kwanan wata da sa hannu.

Tabbatar da sa hannu

Takardar da aka sa wa hannu a ɗaki aka turo hotonta ta waya ba ta da nauyi, domin ofis ba shi da hanyar sanin ko hannun na mai gida ne. Hanya mafi sauƙi ita ce mutum ya je ofishin jakadancin Kamaru na ƙasar da yake zaune, da katinsa ko fasfo, ya sa hannu a gaban ma'aikaci, a buga hatimi. A Nijeriya akwai ofishi a Abuja da ƙananan ofisoshi a Legas da Calabar, a Gabon yana Libreville, a Saudiyya akwai Riyad da Jidda. Kada a sa hannu tun daga gida, domin abin da ake tabbatarwa shi ne an yi shi a gaban hukuma. Wanda ya zo Douala hutu yana iya yin wannan a ofishin ɗan sanda ko na sufurefe, da tambur na haraji. Asalin takardar ake aikawa, tare da kwafin katin mai gida, wakili kuma ya je da nasa katin.

Misali

A ɗauki ɗan kasuwa da ke Libreville, yana da gida a New Bell wanda aka ƙiyasta darajarsa sefa miliyan 20. A kan kashi 0.1 cikin ɗari, harajin gidan na shekara sefa 20,000 ne. Ya tabbatar da takardar wakilci a ofishin jakadanci, ya aika wa ƙanensa. Ƙanen ya kai kwafi cibiyar harajin da gidan yake ƙarƙashinta, aka bayyana harajin a shafin hukuma, takardar biya ta fito, ya biya ta banki ko ta kuɗin waya, ya tura wa yayansa rasit.

Abin da yayan zai duba a rasit ɗin uku ne: sunansa, lambarsa ta NIU, da shekarar da aka biya wa. Kuskuren da aka fi yi shi ne wakili ya yi amfani da tasa lambar don ya fi sauƙi. Kuɗi sun fita, amma a rajistar hukuma mai gida bai biya ba, kuma ba zai gane ba sai ranar da ya nemi takardar shaidar cewa ba a bin sa bashin haraji. Haka nan kuɗin da aka miƙa wa wani a hannu a bakin ofis, ba tare da rasit na hukuma ba, bai shiga lissafi ba.

Akwai kuma batun lokaci. Idan takardar neman biyan bashi ta iso, wa'adin ƙorafi kwana 30 ne. Wakilin da takardarsa ba ta ambaci ƙorafi ba zai iya ɓata waɗannan kwanaki yana jiran sabuwa daga waje. Shi ya sa ake saka wannan iko tun farko.

Lambar sirri ba takardar wakilci ba ce

Da yawa suna ba ɗan'uwa lambar sirrin asusunsu na impots.cm su ɗauka an gama. Duk abin da aka shigar ta wannan asusu ana ɗaukarsa mai gida ne ya shigar, ko da kuskure ne. Ya fi kyau lambar waya da adireshin imel da ke asusun su zama na mai gida, don saƙonnin hukuma su riƙa zuwa masa kai tsaye.

Yadda wakilci yake ƙarewa

Mai gida yana iya janye wakilci duk lokacin da ya so, amma faɗa wa ɗan'uwa kawai bai isa ba. Bisa sashe na 2005, wanda ya yi hulɗa da wakili bai san an janye ba, ba za a kama shi da janyewar ba. Don haka a rubuta wa cibiyar haraji, a karɓi kwafi mai hatimin karɓa, a kuma karɓo asalin takardar. Wakilci yana faɗuwa da rasuwar mai gida ko ta wakili. Daga ranar rasuwar mai gida, magada ne ke da magana, kuma su ne za su naɗa wanda zai tsaya musu da sabuwar takarda. Sashe na 1993 ya wajabta wa wakili ba da lissafin duk abin da ya karɓa da abin da ya kashe, don haka ajiye rasit na kowace shekara kariya ce gare shi kamar yadda take ga mai gida.