Tura kuɗi ta USSD

USSD hanya ce ta tura kuɗi da ƙaramar waya ba tare da intanet ba. Lambarta tana farawa da * ta ƙare da #, kamar *737# ta bankin GTBank a Najeriya. Umarnin ba ya bin hanyar data. Yana bin hanyar da waya ke gaisawa da turken sadarwa, shi ya sa ko rakani-kashi tana iya aikin.

Idan mai shago a Kano zai biya dillalinsa naira 20,000, sai ya danna lambar bankinsa daga layin da ya yi rajistar asusu da shi. Jerin zaɓi zai fito, ya zaɓi tura kuɗi, ya sa lambar asusun dillalin mai alƙaluma 10, ya duba sunan da ya bayyana, sannan ya sa lambar sirri.

Saɓanin saƙon tes, layin a buɗe yake tsakanin waya da banki, kuma na ɗan lokaci ne. In aka yi nawa sai ya katse. Idan ya katse bayan an sa lambar sirri, wataƙila kuɗin sun riga sun fita, don haka a duba ragowar asusu kafin a sake turawa.